Bulo nawa katanga za ta ci? Tambayoyi da amsoshi kan lissafin bulon zagaye fili

Na sayi fili 50 da 100 ina so in zagaye shi, don Allah bulo nawa zan saya? Adadi kawai nake so.

To idan adadi kawai kake so, ka riƙe 2,400 zuwa 2,500, wato katanga mai layi 10 a sama da layi 3 a cikin ƙasa, da get ɗaya na mota da ƙaramar ƙofa a gefe. Amma fa wannan na fili ne shimfiɗaɗɗe wanda babu gangara, kuma duk ɓangarori huɗun kai za ka gina, kuma bulon cikakke ne ba irin wanda aka rage wa tsawo ba. Ɗaya daga cikin ukun nan ya canza, adadin ma ya canza, wani lokacin da ɗaruruwa. Shi ya sa ya fi maka ka san yadda aka samo shi, lissafin bai fi na ɗan firamare ba wallahi.

Yaya ake lissafin to?

Layi-layi ake yi, kamar yadda birkila yake ɗora shi. Ka fara sanin bulo nawa ne zai zagaye filin sau ɗaya, sannan ka ninka da yawan layin da kake so.

Fili 50 da 100, zagayensa 50 + 50 + 100 + 100, ƙafa 300 kenan. Tsawon bulo ɗaya ana ɗaukarsa inci 18, wato ƙafa ɗaya da rabi. Ka raba 300 da 1.5 ya ba ka 200. To bulo 200 ne ke zagaye filin sau ɗaya idan babu ƙofa ko ɗaya. Da inci tara da inci shida duk tsawonsu ɗaya ne, tsayinsu ma ɗaya, kauri ne kawai ya bambanta su, saboda haka adadin ba ya canzawa don ka koma inci shida, kuɗin ne ke canzawa. Wannan mutane da yawa na ruɗewa a kai, wani sai ya ce ai inci shida ƙarami ne dole ya fi yawa, a'a, fuskar da ke kallon titi iri ɗaya ce.

Yanzu sai a cire ƙofofi. A ce get ɗin mota ƙafa 12, ƙaramar ƙofa ƙafa 3, jimilla 15. 300 a cire 15 saura 285. A raba da 1.5 ya zama 190 a kowane layi. Layi 10 a sama, 1,900. Na cikin ƙasa kuma layi 3 ba a cire ƙofa ba, 200 sau 3, 600. Haɗa su, 2,500. Daga nan sai maganar ginshiƙai, tana ƙasa.

Me ya sa ba a cire get a layin cikin ƙasa ba? Ai can ma ba katanga.

Katanga ce babu a wurin, amma fandisho yana nan. Yawancin magina suna zarcewa da ramin har ƙarƙashin get ɗin, su jera bulo su cika shi da kankare, don ginshiƙan get guda biyu su zama a ɗaure da juna ta ƙasa, kuma daɓen da mota za ta riƙa takawa ya sami abin da zai zauna a kai. In aka bar wurin haka nan ƙasa ce zalla, damina biyu sai ka ga bakin get ya lotsa ruwa na kwanciya, ƙofar ta fara gogar ƙasa. Wasu kuma kankare da rodi suke zubawa a wurin maimakon bulo, to idan haka naka maginin zai yi sai ka cire, amma dududu abin da za ka rage bulo 10 ne a layi, sau 3, talatin. Ni ban ga abin wahalar da kai a kan 30 ba, ka bar su a lissafi kawai.

Katanga ƙafa 8 nake so. Na raba 8 da inci 9 ya ba ni kusan layi 11, amma birkila ya ce 10. Wa ke da gaskiya?

Birkila. Kai ka manta da kwaɓin simintin da ke tsakanin layi da layi. Bulo tsayinsa inci 9 ne ko ƙasa da haka kaɗan, amma duk layi ana shimfiɗa masa kwaɓi wajen inci ɗaya, saboda haka kowane layi yana ɗaga katanga kusan inci 10. Layi 10 ya kai ka inci 98 zuwa 100, ƙafa 8 da ɗan ɗori. Layi 9 wajen ƙafa 7 da rabi. Layi 12 kusan ƙafa 10.

Kuma kuskuren layi ɗaya ba ƙarami ba ne a katanga, don layi ɗaya a filin nan bulo 190 ne. Abin da ya fi sauƙi, ka je wata katanga da ba a yi wa filasta ba a unguwarku, ka ƙirga layinta ka tsaya a jikinta ka ga inda ta kai, sai ka ce wa magini layi kaza nake so daga saman ƙasa. Magana da layi ta fi magana da ƙafa, ba ta barin musu daga baya. Sai dai ku yi yarjejeniya daga ina ake fara ƙirga, daga ƙasar waje ta gefen titi ko ta ciki, domin idan nan gaba za ka cike filin da jar ƙasa, layi ɗaya ko biyu za su nutse ta ciki, katangar da ka sani ƙafa 8 ta koma yaro na leƙo waje.

Injiniya ya ce min bulo 10 a kowace sikwaya mita, da ya buga sai ya samu 2,170 na sama kawai. Ku kuma kun ce 1,900. Ina 270 suka tafi?

Ba su tafi ko'ina ba Alhaji, kuma ba wai injiniyan zai cuce ka ba ne. Ga inda 10 ɗin ta fito: cikakken bulo a Najeriya milimita 450 ne a tsawo, 225 a tsayi, idan ka ninka fuskarsa ta kai kusan kashi ɗaya cikin goma na sikwaya mita, shi ya sa ake cewa 10. Amma wannan lissafin ya ɗauka an manna bulo da bulo babu kwaɓi a tsakani ko kaɗan. Ƙafa 285 ɗin nan mita 87 ce ba kaɗan, a ninka da tsayin mita 2.5 ya ba da sikwaya mita 217, sau 10, ga 2,170 ɗinsa.

A wurin aiki kuwa, da kwaɓin milimita 25 a gefe da ƙasa, kowane bulo yana cin wurin 475 da 250, sai ya zama sikwaya mita ɗaya ba ta ɗaukar fiye da bulo 8.4. Ka ninka da 217 ka samu wajen 1,830. Wannan shi ne ainihin abin da zai hau katangar idan babu ko ɗaya da ya fashe. To ka ga namu 1,900 yana da ɗan rara na wajen 70 a ciki tun farko, nashi kuma rarar ta haura 300. Lissafin 10 ɗin yana da amfaninsa, mutum na zaune a ofis yana son kimanta kuɗi da sauri kuma ba ya so ya gaza. Matsalar ita ce idan an yi sau 10 ɗin sannan aka sake ƙara kashi 10 cikin 100 na fashewa a kai, an ƙara rara a kan rara kenan, ka gama katanga ka ga tulin bulo ya rage ciyawa na fitowa ta ramukansa.

Idan birkilanka mai siririn kwaɓi ne, irin milimita 10 ɗin da ke cikin littafi, to sikwaya mita za ta ci 9 da ɗan abu, kuma sai layi 11 kafin ka kai mita 2.5. Da wuya ka ga haka a katangar unguwa, saboda bulonmu ba ya zuwa daidai wa daida, da kwaɓin ake saita shi.

Ginshiƙai fa, ƙarawa ake yi ko ragewa?

Ya danganta da irin ginshiƙin, kuma nan ne lissafi biyu na mutum biyu suka fi saɓawa.

Idan na kankare ne da rodi, wanda ake barin gurbi a katanga a kafa katako a zuba, to wurin da ya zauna ba bulo, ragewa ake yi. A ce duk ƙafa 10 akwai ɗaya, har da na kusurwa da na get za ka samu wajen 30. Kowanne faɗinsa inci 9, talatin ɗin sun cinye ƙafa 22 da rabi, daidai bulo 15 a kowane layi. Sai layin sama ya dawo 175 maimakon 190, na ƙasa ya dawo 185 maimakon 200 tunda ginshiƙin daga gindin rami yake tasowa. 175 sau 10, 1,750. 185 sau 3, 555. Jimilla 2,305. Ka sa kashi 5 cikin 100 na fashewa da yanka, wajen 115, ka tashi da 2,420. Daga nan ne 2,400 ɗin da na faɗa a farko ta fito. Wanda kuma bai cire ginshiƙai ba ya tsaya a 2,500, to kar ya ƙara komai, ginshiƙan sun riga sun zama rararsa.

Idan kuma ginshiƙin bulo ne, wato a ninka bulo a wurin ya fito waje kamar ƙirji, to ƙari ne, kusan bulo ɗaya a kowane layi a kowane ginshiƙi. Talatin sau layi 10, ƙarin 300, ban da na cikin ƙasa. Ka ga tsakanin wannan da wancan akwai bambancin da ya haura 400 a fili ɗaya, don haka kafin ka buga komai ka tambayi magini wane iri zai yi.

Doguwar katanga inci shida babu ginshiƙi kam kar a soma, iskar farkon damina ita ke kwantar da irinsu.

Wajen cire get, faɗin ƙarfen zan auna ko me?

Gurbin da ke tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi, shi ake cirewa. Wannan ya fi shafar get mai turawa gefe a kan taya, don shi ƙarfen ya fi gurbin tsawo, yana shigewa bayan katanga. Idan gurbin ƙafa 12 ne ƙarfen kuma 13 ko fiye, 12 za ka cire. Idan ƙaramar ƙofar a jikin babban get ɗin take, kamar yadda masu walda ke yawan yi yanzu, to babu wata ƙafa 3 da za ka sake cirewa, layinka ya koma 288 a raba da 1.5, wato 192.

Ƙaramar ƙofa mai zaman kanta, wani zai ce ai samanta akwai linta da bulo. Haka ne, amma ƙofa ƙafa 7 a katanga mai ƙafa 8, linta ta cinye kusan duk abin da ya rage, in ma bulo zai hau bai wuce biyu ba. Ka cire ta daga ƙasa har sama kawai.

Abin da ya kamata ka kula da shi shi ne ginshiƙan get idan da bulo za a gina su masu kauri, inci 18 kowane gefe. Kowane layi bulo biyu ne na inci tara, kuma galibi sun fi katangar tsayi, a ce layi 12. Guda uku, biyu na get ɗaya na ƙaramar ƙofa, 72 kenan. Talatin daga ciki ka riga ka ƙirga su a tsawon katanga, ƙarin wajen 40 ne. Kuma ka tuna inci tara ne su ko da sauran katangar inci shida ce, a rubuta su a lissafin inci tara.

Kusurwa huɗun nan ba a ƙirga su sau biyu ba kuwa?

An ƙirga. Inci 9 sau huɗu, ƙafa 3, bulo biyu a layi. Ka ƙyale su, a kusurwa ake yawan yanka bulo dama.

Filina yana da gangara, baya ya fi gaba zurfi. Lissafin nan zai yi min?

Ba zai yi ba sai ka ƙara, kuma irin wannan ne ke sa bulo ya ƙare ana tsakiyar aiki mai gida ya fara zargin lebura da mai gadi. Gangarar da ido ba ya gani sosai tana iya kai layi biyu ko uku a tsawon ƙafa 100. Kafin a sayi bulo a sa magini ya zo da tiyon ruwan nan da suke duba daidaito, a kafa turke a kowace kusurwa a ga bambancin.

A ce baya ya fi gaba zurfi da ƙafa 2 da rabi, layi 3 kenan, kuma kana so saman katangar ya tafi a miƙe. Katangar baya mai ƙafa 50 tana cin bulo 33 da ɗan abu a layi, sau 3, ɗari. Gefe biyun masu ƙafa 100 kuma, ƙarin yana farawa daga babu a gaba ya kai layi 3 a baya, sai a ɗauki tsakiya, layi ɗaya da rabi, 67 sau 1.5, ɗari a kowane gefe. Jimilla ƙarin 300 cif a kan abin da muka samu a baya. Idan kuma ka yarda saman katangar ya riƙa sauka mataki-mataki yana bin ƙasa, ƙarin zai ragu sosai, sai dai ba kowa ke son ganin katangarsa haka ba.

Layin cikin ƙasa ma uku ɗin da na sa ba doka ba ce. Wuri mai tsauri biyu na iya isa, fadama ko tsohon kududdufi da aka cike da shara kuwa sai an haƙa an tarar da ƙasa ta gaskiya, yana iya kai biyar ko fiye, kuma duk layi ɗaya 200 ne. In da hali a fara haƙa ramin kafin a yi odar bulon fandisho na inci tara.

Maƙwabcina ya riga ya gina nashi gefen. In cire?

Idan ya yarda ka jingina, kuma katangar a kan iyaka take, ka cire. Gefen ƙafa 100 bulo 67 ne a layi, sau 13, kusan 870, ba ƙaramin sauƙi ba ne. Amma ka je ka same shi ku yi magana tukunna, wasu sai ka biya rabin kuɗin, wasu ma ba sa yarda sam, wani kuma ya ja tasa katangar ciki ya bar tazara. A yi maganar gaban mai unguwa ko shaidu ya fi.

Sannan ka auna filin da kanka da tef. Abin da ake kira 50 da 100 a bakin dillali sau da yawa in ka auna sai ka ga 48 da 95, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya. Ka auna duk gefe huɗun ka haɗa, kar ka auna biyu ka ninka.

An ce wasu gidajen bulo suna rage girma. Yaya zan gane, kuma me zai yi wa lissafina?

Ka je da tef ɗinka gidan bulon, ka zaɓi guda uku ko huɗu daga wurare daban-daban a cikin jerin, ba wanda yaron gidan ya miƙo maka ba, ka auna tsawo da tsayi. Cikakke ya kai santimita 45 da 22 da rabi. Idan ka ga tsawon inci 17 ne, to da kwaɓinsa ya zama 18 daidai, ma'ana ɗan rarar da ke cikin raba da 1.5 ta tafi, sai ka ƙara kashi 5 ɗinka cikakke. Idan inci 16 ne, da kwaɓi 17, sai ka sake lissafin da kanka: ƙafa 285 inci 3,420 ce, a raba da 17, bulo 202 a layi maimakon 190.

Ragin tsayi ya fi ciwo. Bulo mai inci 8 da kwaɓi ya zama 9, layi 10 ya tsaya a ƙafa 7 da rabi, sai ka ƙara layi guda kafin ka kai inda kake so. Arahar naira kaɗan a kan kowane bulo ta koma sayen ƙarin 200, ga kuɗin ɗora su ga siminti.

Tunda ka je, ka duba ƙarfinsa ma. Ka murza gefensa da babban yatsa, idan yashi na zubowa kamar gari to siminti bai ishe shi ba ko ba a ba shi ruwa yadda ya kamata ba. Ka ɗaga ɗaya ta kunne ɗaya ka ga ko zai ɓalle a hannunka. Irin wannan kashi 5 ba ya isarsa, tun wajen lodi da saukewa ya cinye ta, ka sa 10 ko ka canza gida. Kuma kar ka yarda a loda maka wanda aka buga jiya ko shekaranjiya komai saurin da kake yi.

Mu a Maraɗi muke, bulonmu ba irin na Kano ba ne. Haka za mu yi?

Hanyar ɗaya ce, awon ne daban. A Nijar da sauran ƙasashen da ke bin awon Faransa bulon da aka fi sani santimita 40 ne a tsawo, 20 a tsayi, kaurin 15 ko 20. To biyu da rabi ne a kowace mita. Fili mita 15 da 20, zagayensa 70, a cire get mita 3 da ƙofa mita 1 saura 66, sau 2.5, bulo 165 a layi. Kowane layi da kwaɓinsa wajen santimita 22, layi 10 ya ba ka mita 2.2, bulo 1,650 na sama. Na ƙasa a yi shi daban, 175 a layi. Kar dai ka ɗauki adadin da ɗan'uwanka na Katsina ya saya ka ce kai ma haka.

Gaban gidan rabi bulo rabi ƙarfe nake so.

Sai ka ware gaban ka yi masa nashi lissafin. Ƙafa 50 a cire 15 na ƙofofi saura 35, wajen bulo 24 a layi. Idan layi 5 za a yi maimakon 10, ka rage 120 daga jimilla. Ginshiƙan gaban dai har sama za su kai tunda su za su riƙe ƙarfen.

In sayo duka lokaci ɗaya ko kaɗan-kaɗan?

Na inci tara na fandisho ka kawo su duka. Na sama kuma ka kawo kamar kashi uku cikin huɗu, idan aiki ya kai layi na bakwai sai ka ƙirga bulo nawa layi ɗaya ya ci a zahiri a jikin katangar, ka ninka da layin da suka rage, ka cire bulon da ya rage ba a ɗora ba, ka yi odar cikon daga gidan bulon da ka fara saya don girman ya zo ɗaya. A lokacin ba kimantawa kake ba, adadin gaskiya ne a hannunka.

Duk motar da ta zo a ƙirga a gabanka ko gaban wanda ka yarda da shi, a jera su goma-goma ko ashirin-ashirin yadda ƙirga zai yi sauƙi, fasassu a ware gefe tun direba bai tafi ba, don yawancin gidajen bulo suna canza wanda ya fashe a hanya idan an nuna musu a lokacin, in mota ta juya kuma shi kenan ya zama naka. Rabi-rabin da suka fashe da kyau kar a zubar, birkila na buƙatarsu a bakin ginshiƙi da kusurwa, duk layi na biyu sai ya nemi rabin bulo a wurin. Idan kuma da bulo ake biyan birkila, a ƙirga wanda ke jikin katanga, bulon layi ɗaya sau adadin layi, ba wanda aka sauke daga mota ba.